Bayanin marubuciya a bayan bangon littafin Dakta: me za a bari, me za a cire?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin harkar littafi. Yayata likita ce a nan Kumasi, ta rubuta littafinta na farko da Hausa a kan ciwon sikila, don iyayen yara na zango ne ba don likitoci ba. An gama komai har an kai wa mai bugawa, saura ɗan bayanin nan na marubuci da ake sawa a bayan bango kusa da hoto. Ita ta ce ba za ta iya zama ta yabi kanta ba, sai ta ce in rubuta. Na rubuta mai bugawa ya dawo min da shi wai ya yi yawa ba zai shiga ba, kalma wajen 240 ne. Ga farkonsa, na cire sunanta na sa Wance:

"An haifi Dakta Wance a unguwar Aboabo cikin gidan malamai masu mutunci. Ta fara karatun allo a wajen mahaifinta, ta yi firamare da sakandare inda ta kasance zakaran gwajin dafi a tsakanin sa'o'inta. Daga nan ta wuce jami'a ta zama ƙwararriyar likitar yara wadda ta ceci rayukan dubban yara. Ta halarci tarurruka da dama a ciki da wajen ƙasa. Tana da aure da yara uku…"

haka dai ya ci gaba har kwasa-kwasan da ta yi da ƙungiyoyin da take ciki da lambar waya. Ni a ganina duk gaskiya ne babu na zubarwa, to ina zan yanke?

Hajiya 'Yar Nima:
Masha Allah, Allah ya sa albarka. Ni ban ga aibunsa ba ɗana, ai haka ake rubutawa a littattafan da muka taso muka gani, a faɗi inda aka haife ka da wanda ya haife ka. Ka ce wa mai bugawa ya rage girman rubutun ya shiga mana

Mai Injin Buga:
Hajiya rage rubutu ba zai yi ba. Ni aikina kenan a Asafo. In littafin A5 ne, bangon baya santimita 14.8 ne a 21, kuma ba duka ake rubutu a kai ba sai ka bar gefe saboda yanka. Sama bayanin littafin kansa zai zauna, wannan kalma 120 zuwa 150 yake ci. Ƙasa akwai bakod na ISBN, wato layukan nan na lambar littafi, yana cin wajen santimita 5 a 3 kuma ba a matse shi don inji ya iya karantawa. Ga hoto. Abin da ya rage wa marubuci kalma 60 ne zuwa 80 in ana so a karanta ba tare da an matse ido ba. In ka tura 240 a wurin sai rubutun ya koma kamar na jikin kwalin magani, kuma masu sayen littafin nan iyaye ne da kakanni, wasu idon ya fara rauni.

Malam Mai Gyaran Rubutu:
Wa alaikumus salam. Ɗan Aboabo tsawon ba shi ne babbar matsalar ba, ko da an ba ka shafi guda akwai abubuwan da zan ce ka cire. Ka tsaya ka ga wanda zai karanta wurin nan. Uwa ce a tsaye, wataƙila a bakin kilinik ko wajen wani taro a makaranta, ta ɗauki littafin ta juya bayansa, kuɗin hannunta na magani ne tana lissafin ko ta saya. Tambaya ɗaya ce a ranta: wannan da ta rubuta, ta san ciwon ɗana kuwa? Duk jimlar da ba ta amsa wannan ba cin wuri kawai take yi. Firamaren da Dakta ta yi ba ta amsa ba, tarurrukan da ta halarta ba su amsa ba. Abin da zai amsa shi ne likita ce ta gaske, ga inda ta koyi aikin, kuma yaran sikila take gani da hannunta ba a takarda ta karanta ba. A cikin kalma 240 ɗin da ka rubuta, daga abin da ka nuna mana ban ga kalmar sikila ko sau ɗaya ba, alhali littafin a kanta yake.

Na biyu, tunda da "ta" ake rubutawa ba da "na" ba, mai karatu yana ɗauka wani ne ke ba da shaida a kanta. Shi ya sa ake yin haka, kuma shi ya sa ya dace da mai kunyar yabon kai irin Dakta. Amma shaida sai da abin da za a iya bincikawa. "Zakaran gwajin dafi" wa zai bincika? "Ta ceci rayukan dubban yara" wa ya ƙirga? Kowa ya san marubuci ko ɗan gidansu ne ke rubuta wurin nan, to da an ga kirari sai a daina yarda da sauran, har gaskiyar da ke ciki ta tafi tare da shi.

Ɗan Aboabo:
Malam na ji, amma wallahi dubban ba ƙari ba ne, ranar kilinik kaɗai ka ga layin da ke jiranta

Anti Nas:
Ɗana ba wanda ya ce ba ta aiki. Amma ni da na yi shekaru a wad ɗin yara ina gaya maka, in abokan aikinta suka karanta "ta ceci rayuka" ba za su ji daɗi ba, ita ma ba za ta ji ba. Yaro ɗaya da ya zo da ciwon ƙashi cikin dare, nas ta sa masa ruwa, mai lab ya duba jini, wani ya ba da jinin, mai famasi ya kawo magani, Allah kuma ya ba da lafiya. Ba likitan kirki da zai ɗauki wannan shi kaɗai ya sa a bango. Ka rubuta abin da take yi, tana duba yara masu sikila, shi kenan ya isa.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma shi ne "ƙwararriyar likitar yara". Ta gama kwalejin ƙwarewar ne? Don wannan ba kalmar ado ba ce, matsayi ne.

Ɗan Aboabo:
Anti tana cikin yi, ta shiga shekara ta biyu. Amma ai tun kafin ta shiga a ɓangaren yara take

Ɗalibin Likita:
To gaskiya a cire. Yadda abin yake a nan Gana, ka yi shekara 6 ka samu digirin likita na MB ChB, ka yi shekara 2 kana haus ofisa, sannan ka zama medikal ofisa. Sifeshalis kuwa sai ka shiga Kwalejin Likitoci ta Gana ko ta Afirka ta Yamma ka yi wajen shekara 3 ka ci jarrabawar zama mamba, matsayin falo na manyan ƙwararru kuma yana gaba da haka. Wanda ke tsakiyar wannan razidan ne, bai zama sifeshalis ba tukuna ko da ya fi kowa iya aikin. Kuma ni a sanina doka ta hana likita ya sa sunan makaranta ko asibiti a irin wannan wuri gaba ɗaya don talla ne, sai dai a jera haruffan digiri kawai bayan suna, su kuma a sa duka.

Malam Mai Gyaran Rubutu:
Rabin farko ka faɗi daidai, na biyun ka haɗa abu biyu. Abin da ƙa'idar aikin likita ke ƙi shi ne tallata kai, ka ce ka fi wasu, ka yi alkawarin warkarwa, ko ka ɗauki matsayin da ba ka kai ba. Faɗin jami'ar da ka yi ba talla ba ne, labari ne da kowa zai iya tabbatarwa, kuma shi ne ma ke raba ta da masu kiran kansu dakta a rediyo suna sayar da maganin da wai yana kankare sikila. A zangonmu wannan rabewar tana da amfani sosai. Kalmar Dakta ita kaɗai ba ta gaya wa uwa komai, mai digirin digirgir Dakta ne, mai maganin gargajiya ma wani ana ce masa Dakta. Saboda haka jimlar farko ta fito fili ta ce likita ce.

Haruffan kuma ban yarda a jera ba. MB ChB me zai gaya wa mai sayar da waakye a Asawase? In littafin na 'yan uwanta likitoci ne sai a sa. Wannan na iyaye ne, a faɗa da magana: ta yi karatun likitanci a jami'a kaza. In ana son haruffan a sa su a shafin farko na ciki ƙarƙashin sunanta.

Sunan asibitin da take aiki shi ne mai ɗan nauyi, ba don an hana ba sai don dalili biyu. In ka rubuta "likita ce a asibiti kaza" wasu za su ɗauka asibitin ne ya fitar da littafin ko ya sa masa hannu, don haka sai ta nemi izinin shugabanninta tukuna. Sannan likitan gwamnati ana canza masa wuri. Kwafi 1000 na littafin Hausa zai iya ɗaukar shekaru kafin ya ƙare, in aka mayar da ita Tamale ko Wa bangon yana nan yana faɗin abin da ya daina zama gaskiya. Haka "yara uku", haka "shekara bakwai tana aiki". Maimakon adadin shekaru a ce "tun shekarar kaza", wannan ba ya tsufa.

Uwar Biyu:
Salam don Allah tunda akwai likitoci a nan, ƙanwata AS ce wanda zai aure ta kuma an ce AC ne, mutanen gidan suna cewa ba komai tunda ba AS da AS ba ne. Gaskiya ne? kuma littafin nawa ne ina so

Anti Nas:
'Yar uwa ba maganar da ake yi ba kenan amma ba zan bari ya wuce ba. AS da AC kowane ciki akwai kashi 1 cikin 4 yaron ya zo da SC, kuma SC sikila ce, muna ganinta da yawa a nan Gana. Su je su biyun a sake gwajin a zauna da su a yi musu bayani kafin a sa rana. Littafin bai fito ba tukuna.

Baaba Tsohon Tica:
Ni ina da ja a kan maganar Malam. Kun ce a cire haihuwa da gidan da ta fito. To ku sani mutanenmu ba takardar jami'a suke fara tambaya ba, 'yar wa ce suke tambaya. Ciwon nan har yau akwai gidajen da ke cewa iska ce ko jifa, ana ɓoye yaro ana kai shi wajen masu rubutu har jini ya ƙare. In suka ga wadda ta rubuta 'yar malam ce ta gidan da suka sani, ta yi allo kafin ta yi boko, za su karanta da wani kunne daban. Wannan ba kirari ba ne, shi ma amsa ce ga tambayar da ka ce uwa na yi.

Malam Mai Gyaran Rubutu:
Baaba ban ƙi ta taka ba, Aboabo kam lallai ta zauna, kalma biyu ce kuma tana aiki. "Haifaffiyar Aboabo" ta gaya wa mai karatu ta san gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya, ta san yadda sanyin hunturu ke tayar wa yaran nan da ciwo a ɗakin da ba silin. Inda na tsaya shi ne sunan mahaifi da tarihin gidan. Littafin zai je Nima da Madina da Ashaiman, wataƙila har Kano da Yamai, can ba wanda ya san gidan. Godiya ga mahaifi tana da wurinta a shafin sadaukarwa, can za ta yi shafi guda in tana so.

Baaba Tsohon Tica:
Shafin sadaukarwa sai wanda ya riga ya saya zai gani. Ni dai ban gamsu ba.

Hajiya 'Yar Nima:
Kuma mijinta fa? ku ce a cire aure gaba ɗaya, mutumin da ya yi haƙuri da aikin dare duk shekarun nan. Zai ji a ransa ko bai faɗa ba

Dakta:
Salamu alaikum Baaba, Hajiya, Malam, Anti da kowa. Ƙanena ya turo min duk abin da aka faɗa, yanzu na fito daga aiki. Na gode ƙwarai. Maganar ƙwararriya Anti ta yi gaskiya, a cire, malamaina da ke koya min yanzu su ne za su fara ganin bangon nan. Lambar waya ma a cire, in ta fita a bango mutane za su riƙa kira da tsakar dare suna kwatanta ciwon yaro ta waya, kuma yaron sikila mai zazzaɓi ba a duba shi ta waya, asibiti ake kai shi a daren. Ba na so lambata ta zama dalilin da wani zai tsaya a gida yana jiran in ɗauka.

Akwai wata jimla a ƙasan rubutun da bai nuna muku ba, ya kawo labarin wata yarinya da muka yi jinya wai ita ta sa na rubuta littafin, har da unguwarsu da shekarunta. Ba suna amma duk wanda ke layin nan zai gane ta. Wannan sirrin mara lafiya ne, ba zai shiga ba ko da iyayen sun ce ba komai, yarinyar za ta girma ta nemi aure.

Abin da ya sa na rubuta kuwa ba mutum ɗaya ba ne. A kilinik ana yin bayani da Turanci ko Tonanci, matanmu su gyaɗa kai, sai na fito su tare ni a bakin ƙofa su ce Dakta don Allah sake faɗa min da Hausa, me ya sa idonsa ya yi ɗorawa, maganin nan har yaushe zai sha, ya halatta ya yi azumi. Tambayoyin nan na riƙa rubutawa a bayan ɗan littafin aljihuna, su suka zama babi-babi. A nan Gana Kumasi ce aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, amma har yau sai uwa ta zo da katin gwajin a jaka ba ta san me aka rubuta a kai ba.

Malam Mai Gyaran Rubutu:
Dakta ai kin rubuta bayanin da kanki yanzu. Wannan na bakin ƙofa shi ne abin da babu wani likita da zai iya sawa a bangonsa sai ke, kuma shi ne ke cike gurbin da marubucin farko ke da shi, tunda ba ki da wasu littattafai ko kyaututtukan da za a lissafa. Ga yadda zan tsara shi:

"Dakta Wance likita ce a Kumasi, haifaffiyar Aboabo. Ta yi karatun likitanci a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, kuma tun shekarar kaza take duba yara masu sikila. Tambayoyin da iyaye mata ke tare ta da su a bakin ƙofar kilinik, suna so a sake yi musu bayani da Hausa, su suka zama babukan wannan littafi. Shi ne littafinta na farko."

Kalma 60 da 'yan kai ne. Jimlar farko ta ce wace ce kuma daga ina, ta biyu ta ba da hujja, ta uku ta haɗa ta da littafin. Ban sa asibiti ba, na sa gari. Ban sa tana karatun ƙwarewa ba don shi ma zai tsufa, in ta gama sai a ƙara a bugu na biyu da cikakken matsayinta. Jimlar ƙarshe wasu na cirewa wai tana nuna sabon shiga ne, ni ina barinta don gaskiya ce kuma tana sa a jira na biyu. Gwajin da nake yi wa kowane irin wannan rubutu shi ne a karanta shi da ƙarfi a gaban mutum biyu, babban likitan da ke sama da ita da kuma uwa ɗaya daga cikin masu zuwa kilinik. In babban ya ɗaga gira a wata jimla an yi ƙari, in uwar ta ce me ake nufi an yi turancin likitoci da Hausa.

Ɗalibin Likita:
Ya yi kyau amma ni har yanzu ina ganin a sa MB ChB ko a gaban suna ne, haruffa biyar ne ba za su ci wuri ba, kuma in littafin ya shiga hannun wata ƙungiya mai son saye da yawa su abin da za su duba kenan

Dakta:
Zan sa su a shafin ciki kamar yadda Malam ya ce. Hajiya maganar maigida na tambaye shi, ya ce shi bai damu ba amma in za a sa a ce "tana zaune a Kumasi da iyalinta" ba tare da ƙirga yara ba, sai a cire Kumasi ta jimlar farko kar ta zo sau biyu. Ina ganin hakan ya yi. Ta Baaba ce ban yanke ba. Har ga Allah ina jin abin da ya faɗa, akwai matan da sai da suka ji 'yar gidan wane ce ni sannan suka yarda aka fara ba yaransu magani. Ina tunanin a ce "haifaffiyar Aboabo, inda ta fara da karatun allo" ba tare da sunan Baabanmu ba, zan kai wa Mma ta ji tukuna.

Baaba Tsohon Tica:
In allon ya shiga na rage ja, amma da ni ne da sunan malam ya fito.

Mai Injin Buga:
Duk wanda kuka zaɓa akwai wuri, kun kai 75 ma zai shiga. Abu biyu kawai Ɗan Aboabo ka kula. Hoton kar ka turo wanda aka yi ta turawa a WhatsApp ya matse, ka turo na asali a matsayin fayil, don a santimita 3 a 4 ma in bai kai 300 dpi ba fuska za ta fito dishi-dishi, kuma a duba bayan hoton kar a ga gadon mara lafiya ko tambarin asibiti. Na biyu haruffan ƙ da ɗ da ɓ, yawancin font ɗin da masu zanen bango ke so ba su da su, sai "ƙofar" ta fito da ɗan akwati a gaba ko ta koma "ofar", kuma mai zanen in ba ya jin Hausa ba zai lura ba. Ka ce a fitar maka da bangon a takarda ɗaya da girmansa na gaskiya, Dakta ta karanta harafi-harafi ta sa hannu kafin a yi farantin bugawa, don in aka yi faranti gyara sabon kuɗi ne.

Ɗan Aboabo:
To na gode. Mai Inji hoton da muke da shi tana sanye da farar riga amma katin aiki na rataye a wuyanta sunan asibitin na fitowa, za a iya gogewa ko sai an sake ɗauka?

Mai Injin Buga:
A sake ɗauka ya fi, ta cire katin ta tsaya jikin farin bango da safe inda haske yake.